Dubu Dubu Ɗaya da Ɗari Biyu

Ƙarfe biyu da kwata matar Dogo ta dawo daga banki, ta ajiye cakin a kan teburina.

"Yaya, sun ƙi karɓa."

Dogo direbanmu ne, shekara goma sha ɗaya yana jan motar kamfani. Da safiyar ranar bandir ɗin rodi ya suɓuce daga mota ya danne masa ƙafa. Likita ya ce jini ba ya kaiwa ƙasan ƙafar, sai an yi aiki da gaggawa, asibitin kuma ba sa taɓa mutum sai sun ga miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a hannu. Maigida, mai kamfanin, yana kan tafiya. Ta waya ya ce in fitar da kuɗin da sunan matar, a ɗaya daga cikin caki biyun da ya sa wa hannu ya bar mini a aljihun tebur. Daga nan ya shiga jirgi, wayarsa ta mutu.

Na ɗaga cakin. Lambobin suna nan daidai, 1,200,000. A layin kalmomi kuwa firinta ta buga: dubu dubu ɗaya da ɗari biyu kacal. Ko ban tambaya ba na san aikin wane ne. Nawa ne.

Ni ce akawun kamfanin, ni ce kuma na rubuta manhajar da ke buga cakinmu. Shekara huɗu da suka wuce wani ya ƙara kalma da biro a cakinmu ya yashe mu, sai Maigida ya rubuta wa banki cewa duk cakin da ba na'ura ce ta buga ba kada su biya. Ni da rawar kaina na ce zan iya. Na iya ɗin kuwa, har ina hura hanci.

Dabarar ba wuya. Ɗan guntun umarni ne mai kiran kansa. Ka ba shi ƙaramar lamba, ya ɗauko sunanta daga jerin da na rubuta masa. Ka ba shi babba, ya duba matakansa daga sama: ta kai dubu? ta kai ɗari? ta kai ashirin? Idan 47,315 ce, sai ya rubuta "dubu", ya kira kansa a kan 47, ya sa "da", ya sake kiran kansa a kan ragowar 315. Haka zai yi ta gutsurawa har ya zo kan lambar da ke cikin jeri, in kuma ragowar sifili ce ya tsaya nan.

To, matakin da ya fi girma a wurinsa dubu ne. Da aka ba shi 1,200,000 sai ya raba da dubu ya samu 1,200, ya rubuta "dubu", ya kira kansa a kan 1,200, wannan ma ya rubuta "dubu ɗaya da ɗari biyu". Bai yi laifin komai ba, abin da na koya masa ya yi. Ni kuma da rana, garin sauri, na zare cakin daga firinta na cusa a ambulan ko kallo ban yi masa ba.

Na kira bankin. Na ce wa mai karɓar caki, "Malam, dubu sau dubu ɗaya da ɗari biyu ai miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ne. Ka lissafa mana!"

"Hajiya, ni ba lissafi aka ce in yi ba. In karanta kalmomi in ga sun yi daidai da lamba, shi ke nan. Wannan mutum uku suka karanta, kowa da abin da ya fahimta. Ki kawo wani kafin huɗu."

Na so in zage shi, wallahi, amma gaskiyarsa ce. Saura caki ɗaya tak mai sa hannu, tafiyar banki kuma minti arba'in ce in hanya ta yi kyau.

Na buɗe manhajar. A saman matakin dubu na ci karo da rubutun da na bar wa kaina shekara huɗu baya, irin wanda na'ura ba ta karantawa: "Miliyan a wannan kamfanin? A kai kasuwa." A lokacin dariya na yi da na rubuta shi, don babban cakinmu bai taɓa wuce dubu ɗari takwas ba.

Na rubuta sabon mataki: in lamba ta kai miliyan, a sa "miliyan", a kira kai a kan yawan miliyoyin, sannan a kan ragowar in akwai. Matar Dogo tana tsaye a kaina, wayarta na ta ƙara.

"Yaya, ƙaninsa ne. Wai yatsun ƙafar sun fara baƙi."

"Ki zauna, 'yar'uwa, yanzun nan."

"Ki sa cakin mana! Ba kin ce kin gyara ba?"

Saura ƙiris in sa. Har na ɗauko shi, sai wani tsoro ya kama ni, na mayar, na sa farar takarda a maimakonsa. Firinta ta yi ƙugi ta turo: dubu dubu ɗaya da ɗari biyu kacal.

Innalillahi. Na zuba wa allon ido, ban ganin komai sai dishi-dishi. Matakin yana nan, ba kuskure ko ɗaya a cikinsa. Na karanta sau uku. Ƙarfe uku saura minti biyar. Na dafe kai na ce a raina, to ke ce lambar, bi hanyar da kanki. Na sa yatsa a layin farko: kin kai dubu? Na kai. Nan aka cafke ni. Ashe a ƙarƙashin matakin dubu na liƙa sabon, lambar ba ta ma isa wurinsa. Na yanke shi na mayar sama.

Farar takarda: miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu kacal. Na gwada miliyan ɗaya cif, ya tsaya inda ya kamata. Sannan na sa cakin ina addu'a, muka karanta shi tare da matar Dogo kalma kalma, muka fita da gudu ko ofis ban kulle ba.

Huɗu saura minti shida muka shiga banki. Biyar da rabi kuɗi suka isa asibiti. Da cakin farko ya wuce, da tun biyu da rabi suna can. Aka shiga da Dogo ɗakin tiyata, aka fito da shi, an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Na tare likitan a baranda na tambaye shi ko awa uku za su iya canja wani abu. Ya dube ni ya ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan haka. Na so ya ce a'a. Bai ce ba.

Bayan wata biyu Dogo ya shigo ofis a kan sanduna, wandon nan an naɗe shi da fil. Ina buga cakin albashi, manhajar a buɗe, rubutun nan nawa yana nan a samanta don na kasa gogewa. Ya jingina da ƙofa yana haki, yana murmushi.

"Akawu, godiya na zo yi. Maiɗakina ta ce ran nan na'ura ce ta rikice, ke kika zauna kika gyara ta da hannunki. Ba don ke ba da yanzu wani zancen ake. Allah Ya saka da alheri."

Na juya allon gefe don kada ya gani. Na buɗe baki in gaya masa, sai na ji kaina ina cewa amin.