Yadin Masu Suyar Ƙuli

Ummul Khairi ta shekara ashirin tana ɗinki a Birnin Damagaram, ba ta taɓa mayar da aiki ba sai ran da Alhaji Nomau ya kawo mata bandir uku na shuɗin yadi mai ƙyalli. Shi ne shugaban ƙungiyar masu man gyaɗa ta Durum, yana so a ɗinka wa mata goma sha takwas masu suyar ƙuli-ƙuli rigunan aiki iri ɗaya kafin baƙi su zo daga Yamai. Ramlatu, babbar matan, ta biyo shi da awon kowa a takarda.

Ummul Khairi ta damƙi gefen yadin, ta matse, ta saki. Ya miƙe sumul, ko alamar yamutsa babu. Ta ɗiga masa ruwan buta, ɗigon ya tsaya a kai kamar ƙwai.

"Alhaji, wannan roba ce. Ba zan ɗinka ba."

"Auduga ce zalla, mai kanti ya rantse mini! Ke dai keke aka ce ki taka."

Ta yanko ƙyalle daga bandir ɗin, ta riƙe da almakashi, ta ƙyasta ashana. Yadin ya takure, ya narke, ya ɗiga baƙi yana warin leda. Da ya huce ya zama tsakuwa. Ta ɗauko guntun auduga daga kwandonta ta kunna, ya ci da warin takarda, ta murje tokar da yatsa ta hure.

"Yaya Ramlatu, auduga ma tana ci, amma ba ta liƙewa. Wannan kuwa in tartsatsi ya same shi, da fata za a ɓamɓaro shi. Ga zufa ba ya sha."

Alhaji ya gyara hula. "To a kawo haɗin nan, tergal mai rabi auduga. Ba ya son guga."

"Kawo shi in ɗinka wa 'yan lakwal kayan makaranta, yana da ƙarko. A bakin kasko kuwa, audugar ta ci, robar ta narke a jiki. Shi ma a'a."

"Teloli sun ƙare ne a Damagaram?"

"Suna nan birjik, Alhaji. Ƙofa ma ga ta."

Ya naɗe yadinsa ya fita, wani tela ya ɗinka masa cikin kwana huɗu. Ran zuwan baƙi, matan suka bar rigunan a ninke bisa tabarma, suka yi suyarsu cikin tsofaffin zannuwansu. Alhaji ya yi faɗa har muryarsa ta dishe. Ramlatu ta ce masa in yana son rigar, ga kasko ga mara.

Bayan sati Ramlatu ta dawo Birni da auduga mai kauri. Ummul Khairi ta jiƙa ta, ta shanya don ta gama shigewa kada ta tsuke bayan ɗinki, kana ta sa almakashi.