Yara da Sare

A bazarar shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, ran kasuwar Kahu, Saude mai daddawa tana zaune bayan faifanta sai ta ga rabin kasuwa ya kwashe ya nufi ƙofar gidan dagaci. Ita ba mai bin taro ba ce, ta tsufa da wannan. Amma da ta ji ana cewa ƙaninta Dalhatu ya kama mai yankan yara a rafi, kuma jikanta Mato yana cikin yaran, sai ta bar wa maƙwabciyarta faifan ta gyara ɗaurin zane.

Ta tarar da Mato lafiya lau a ƙofar zaure, yana shan rake, yana ba da labarin abin da bai gani ba. A cikin zauren kuwa an zaunar da wani dogon Bafulatani a ƙasa, hannuwansa ɗaure da igiyar rama, gefen bakinsa ya fashe. Kusa da shi ga ƙullin kayansa: tabarma, gora, 'yar jakar gishiri da bargo. Sunansa Maharazu, abin da aka iya fahimta daga bakinsa ke nan. Daga gabas ya zo, wajen ƙasar Gombe, bai daɗe da sauka a dajin bayan gari ba, kuma Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba. Yawancin Fulanin yankin da ke jin harsunan biyu sun yi kudu da shanu tun da ciyawa ta ƙone, ardonsu ma yana can.

Dalhatu ne tsaye yana bayani. Mutumin kirki ne, manomi mai zuciya a hannu, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, amma kunnensa ya fi hankalinsa sauri tun yana yaro.

"Ranka ya daɗe, ina ban ruwan albasa a bakin rafi, yara suna wasa a ragowar ruwan. Sai ga wani Bafulatani da gatari a kafaɗa yana jan saniya. Wannan kuma yana can tsallake, ya nuna wajen yaran da sanda, ya ɗaga murya ya ce masa yara, ya ce sare. Da kunnena na ji. Na yi kururuwa, mutane suka taho, mai gatarin ya ruga daji da saniyar, muka damƙe wannan."

Zauren ya ɗauki salati. A shekarun nan jita-jitar masu sace yara ba ta rasa mai saye, ko a Kibiya ko a Rano. Dagaci ya ce magana ta fi ƙarfinsa, gobe da safe za a kai mutumin gaban alƙali a Rano. Kowa ya san abin da hakan ke nufi ga baƙon da ba shi da baki kuma ba shi da kowa: gidan yari, shanunsa kuma su watse a daji.

Saude tana bakin ƙofa, tun kafin Dalhatu ya rufe baki ta ji muryar mahaifiyarta a cikin kalmomin nan biyu. Uwarta Bafulatanar gabas ce, da Fulatanci ta yi mata raino da faɗa, Dalhatu kuwa ɗan ubanta ne, uwarsa Bahaushiya. Ta san in ta buɗe baki za ta kunyata ƙaninta a gaban gari, kuma ba za a rasa mai cewa jini ne ya motsa ba. Ta dubi igiyar da ta shige cikin fatar hannun baƙon, tausayi ya kama ta.

"Ranka ya daɗe, a ba tsohuwa izini ta tambaye shi."

Dagaci ya san ta, ya sha cin miyar daddawarta. Ya ce ta shigo. Ta durƙusa daga gefe, ta gai da Maharazu da harshensa. Mutumin ya ɗago kai da sauri, idanunsa suka kawo ruwa. Ba ta gaya masa abin da ake tuhumarsa da shi ba. Cewa kawai ta yi ya maimaita abin da ya faɗa a rafi, yadda ya faɗe shi, da ƙarfi.

Ya ce, "Accu nge yara, nge hoota saare."

"Kun ji ko!" in ji Dalhatu. "Wallahi haka ya ce!"

"Haka ya ce," in ji Saude. "Ba ka ƙara masa ko wasali ba. Sai dai ba da Hausa ya faɗa ba, Dalhatu, kai ne ka ji da Hausa. Ƙaninsa yake wa magana, wanda ya je saran ganye wa dabbobi ya tsinto saniyarsu da ta ɓata. Ya ce, bar ta ta sha, ta koma gida. Yara a bakinsu sha ne. Saare kuma gida. Ruwan ya nuna da sanda, yaran ne suka zama suna cikin ruwan."

Sai ta faɗi kalmar yara sau biyu a hankali, yadda take gwada wa mai saye bambancin daddawar kalwa da ta batso. Tamu, ta 'ya'ya, ana jan farkonta. Tasu, ta sha, gajeruwa ce. Ta ce mai natsuwa zai iya jin bambancin, amma wanda ya ga gatari kusa da yara, daga tsallaken rafi, ba awon harafi ne a gabansa ba.

Wani daga baya ya yi abin da ta zata. "To ai uwarta Bafulatana ce. Wa ya san abin da suka ƙulla da yarensu?"

Saude ba ta ko juya ba. "Gaskiyarka, Malam, kada a yarda da ni. Akwai wata tsohuwa Khadijatu, mai kawo nono daga Dawaki, tana can ƙarshen kasuwa ƙarƙashin tsamiya, kurumta ta fara kama ta, na tabbata ba ta ji wannan hayaniya ba. A kira ta. Ni zan juya baya. Ranka ya daɗe, kai da kanka ka tambaye ta da Hausa."

Aka kawo Khadijatu tana mita an raba ta da ƙwaryarta. Saude ta fuskanci bango. Dagaci ya ɗaga murya ya ce, "Inna, in za ki ce saniya ta sha ruwa ta koma gida da yarenku, yaya za ki ce?"

"Don wannan aka taso ni? Nge yara, nge hoota wuro."

Zaure ya yi guna-guni. Dalhatu ya ce, "Yara ta fito. Ina sare? Wuro na ji."

Saude ba ta motsa daga bangon ba. Ta san ko tari ta yi za a ce ta ba da satar amsa. Dagaci ya shafa gemu, sa'an nan ya sake tambaya, "To in mutum ya ce saare fa?"

"Gida mana," in ji tsohuwar. "Mu wuro ta fi zama a bakinmu, na gabas ba su da magana sai saare. Duk wajen kwana ne. Na tafi? Ƙuda zai faɗa mini a nono."

Dagaci ya ce a kwance igiya. Mutanen da ɗazu suke neman a ba su shi, yanzu kowa yana cewa dama shi tun farko bai ga alamar mugunta a fuskarsa ba. Haka mutane suke. Dalhatu kaɗai ne bai nemi mafaka ba, yana tsaye kamar an dasa shi.

Dagaci ya ce saura abu guda da ya ɗaure masa kai. Me ya sa da aka taho masa da sanduna bai gudu ba kamar ƙaninsa, sai ya sauke kayansa ya tura gaban Dalhatu ya tsaya? Saude ta tambaya. Da Maharazu ya amsa, sai ta sa gefen mayafi ta rufe baki.

"Ya ce Dalhatu ya nuna shi ya yi ta cewa kare, kare. A yarensu kare kaya ne. Ya zaci kayansa ake so, shi ya sa ya miƙa, don a bar shi da ransa."

Dariya ta ɓarke har waje. Maharazu ya dubi wannan ya dubi wancan, ya tambayi Saude me ake wa dariya, me kalmar take nufi a nan.

Saude tana iya cewa ba komai, babu mai kama ta, don Khadijatu ta koma wajen nononta. Amma ba ta so ta fitar da mutum da gaskiya sa'an nan ta sallame shi da ƙarya. Ta dubi ƙaninta.

Dalhatu ya ce, "Gaya masa, Yaya. Ni na faɗa."

Ta gaya masa sunan dabbar da harshensa, ba ta rage ba. Dariya ta mutu, don kowa ya san abin da wannan zagi ke jawowa a wajen Bafulatani. Maharazu ya daɗe yana murza wuyan hannunsa inda igiya ta ci. Da ya yi magana, a hankali ya yi, Saude kuma ta juya ta zuwa Hausa.

"Ya ce zagin bai same shi a rafi ba, ya wuce shi. Ba zai koma can ya ɗauko shi ba."

Dagaci ya ce, "Madalla da ɗan halak." Ya ba da umarni a kai wa baƙon dawa da goro, a kuma nemo ƙaninsa a gaya masa ƙura ta lafa.

Maharazu ya sunkuya zai ɗauki ƙullinsa, sai ya ga an riga shi. Dalhatu ya naɗe hularsa ya yi gammo da ita, ya ɗora kayan a ka, manomi mai iyali a gaban duk kasuwar Kahu. Ya juyo wajen yayarsa, kansa a sunkuye gwargwadon yadda kayan suka bari.

"Yaya, yaya zan ce masa zan kai masa kayansa gida?"

Saude ta ji wani alfahari da shi wanda ba ta taɓa ji ba tun ranar da aka haife shi. Ta ce, "Ai ka iya. Kalmomin biyu duk yau sun bi ta bakinka."

Dalhatu ya dafa ƙullin da ke kansa ya ce, "Kare." Ya nuna hanyar daji ya ce, "Saare."

Maharazu ya gyaɗa kai, ya ɗauki sandarsa, ya shiga gaba don ya nuna masa hanya.