Rabin shafi

Tana tsakiyar gyaran jarrabawar ɗalibai a ofishin malamai hoton ya shigo wayarta. Ƙanenta ne, mai gasa burodi, wanda bai taɓa nemanta ba sai takarda ta sha masa kai. Zai kama hayar wani gini ya gina tanda a ciki, shi ne ya ɗauko hoton rabin shafi daga yarjejeniyar, a karkace, har da babban yatsansa.

Ta karanta sau biyu, ta kira shi.

"Auta, sakin layin nan cewa ya yi hayar ta shekara biyar ce, kuma kana iya sabuntawa. Amma a ƙarshe an ce duk wannan yana ƙarƙashin sashe na goma sha huɗu, ni kuwa ba ka turo min shi ba."

"Shekara biyar dai, ko Yaya?"

"Abin da na gani ke nan. Turanci nake koyarwa, ni ba lauya ba ce. Ma'anar kalmomi zan iya gaya maka, ban san yadda kotu za ta ɗauke su ba. Turo sauran, kuma ka kai wa lauya takardar duka kafin ka sa hannu."

Ya ce to. Irin "to" ɗin Auta kuwa ta san shi tun yana rarrafe, ta kunnen dama yake shiga ya fita ta hagu. Sau uku tana tuna masa, yana cewa takardar tana wurin mai gida, wato mai ginin. Ashe a ranar ya sa hannu, ya gaya wa mahaifiyarsu Yaya ta duba ta ce lafiya lau.

Tanda ta ci bulo, ta ci wata biyu na guminsa. Bayan shekara, da layin masu saye ya fara kaiwa bakin titi, mai gida ya aiko da wasiƙa yana neman gininsa. Sai a lokacin Auta ya kawo mata yarjejeniyar, shafi tara cif, a ɗakin mahaifiyarsu.

Ta buɗe sashe na goma sha huɗu, ta karanta. Ta ce, "An rubuta mai gida na iya karɓar gininsa in ya ba da sanarwar wata uku, kuma abin da aka gina a ciki nasa ne. Ko akwai mafita, wannan sai lauya."

Auta ya yi dariyar takaici. "Yau ma sai lauya."

Ta juya wajen mahaifiyarsu, tana jiran ko kalma ɗaya. Tsohuwar ba ta dube ta ba, sai naɗe takardun take yi a hankali.

"Da ba ki sani ba ai sai ki ce ba ki sani ba. Yaron nan ke ya dogara da ke."

Ita kuwa Yaya ta san ta ce ba ta sani ba. Ta faɗa, sau nawa ma, amma a waya ta faɗa, kuma mutum ɗaya da ya ji yana zaune ya sunkuyar da kai.