Ɓera a Cikin Bututu

Ni na kwafi Ashiru. Gara in faɗi wannan tun farko, don kada wani ya karanta rabin labarin ya fara tausayina.

Muna ajin ƙarshe a sashen Fiziks, a jami'ar da ke wajen Kalgo. Ni Lukuman daga Gwandu nake, ina da baki kamar reza, kaina kuwa kwando ne, abin da aka zuba da safe kafin la'asar ya tsiyaye. Ashiru ɗan Diggi ne, kuma a ajinmu babu mai kamo ƙafarsa a lissafi. Sai dai Allah ya jarrabe shi da in'ina. In ya kama kalma ɗaya sai ya yi ta dukanta, idonsa a rufe, jijiyar wuyansa a tashe, har mai sauraro ya gaji ya ƙarasa masa. Ni nake ƙarasa masa magana a kasuwa da tasha, shi kuma yana koya mini darasin kwantum. Haka abotarmu take, kowa da abin da yake ci.

Ranar Asabar kafin jarrabawa muka zauna gindin dogonyaro bayan ɗakin gwaji, ya ɗauko tambayar da kowa ya san za ta fito, ta ƙwayar zarra a cikin akwati mai bango marar iyaka. Ashiru ba ya cewa akwati. Ya zana layi daga 0 zuwa L ya ce in ɗauka ɓera ne a cikin bututu, an toshe baki biyu da abin da ba ya huduwa. Gaba da baya kawai yake iya yi. A ciki babu abin da ke tura shi, V = 0. Alamar ψ, wadda muke kira “sai”, ita ke faɗin inda ake sa ran samun ɓeran. A waje sifiri ce, don haka a jikin bangon ma dole ta sauko sifiri.

Ya rubuta lissafin Schrödinger, −(ħ²/2m)ψ″ = Eψ, ya sa k² = 2mE/ħ², amsa ta fito ψ = A sin kx + B cos kx. Bangon farko ya kashe B, tunda cos 0 ɗaya ne. Bango na biyu ya ce sin kL = 0, wato k = nπ/L. Daga nan kuzarin ya fito, E = n²π²ħ²/2mL².

“Mi ya hana n ta fara daga sifiri?” na tambaya.

Ya daɗe yana kokawa da kalmar kafin ta fito. “In n s-s-sifiri ta, sai ta mutu ko'ina. Bututu shina nan, ɓ-ɓera babu.”

Na yi dariya, na haddace. Saura mataki na ƙarshe, inda ake neman A ta hanyar cewa in an tara ψ² daga bango zuwa bango dole a sami ɗaya, tunda ɓeran yana ciki tabbas. Yana cikin bayani wayata ta yi ƙara, na tafi hira. Da na dawo ya riga ya ja layi ƙarƙashin A = √(2/L). Na ce na gane. Ban gane komai ba.

A ɗakin jarrabawa kujerata tana bayan tasa, gefen hagu. Da na ga tambayar sai kaina ya ɗauki zafi, ɓera da bututu duk suka gudu. Na miƙa wuya na kwashe shafinsa layi bayan layi, bai ma sani ba. Don tsabar wauta, inda ya yi kuskuren rubuta A² = L/2 ya soke ya gyara zuwa 2/L, ni ma na rubuta kuskuren, na soke, na gyara. Sai da aka karɓi takardu na tuna.

Bayan mako uku aka kira mu gaban kwamitin ladabtarwa. Hukuncin satar amsa a ajin ƙarshe kora ce, kuma duk mun sani.

Mutum uku ne a teburin. Shugabar, Farfesa Halimatusa'adiya, masaniyar tsirrai ce, na biyun ma'aikacin ofishin rajista ne mai rubuta abin da aka faɗa. Wanda ya san Fiziks shi kaɗai ne Dakta Sambo, mai darasin. Shi kuwa yana da tsohon ciwo. A farkon zango takardar darasinsa ta fito da n = 0, 1, 2, kuskuren mai buga rubutu ne ko nasa, oho. Ashiru ya ɗaga hannu a gaban ɗalibai sittin, ya ɗauki kusan minti guda yana fitar da gyaran, aji yana dariya, ba a san ma wa ake yi wa ba. Dakta ya ce ya gode. Wanda ya ga fuskarsa ranar ya san godiyar ba ta kai ciki ba.

Aka ɗora takardunmu biyu gefe da gefe, kuskure ɗaya, suka ɗaya. Farfesa ta ce wa ya kwafi wani. Ashiru ya juyo ya dube ni. Jira yake in yi magana a madadinmu, kamar kullum. Na dubi silin.

Dakta Sambo ya ce abin mai sauƙi ne, ga allo ga alli, kowa ya warware da bayani. “Lukuman, kai za ka fara.”

Makonni ukun nan ban yi zaman banza ba, na haddace shafin kamar karatun allo. Na tashi na zana bututu. Na kashe B, na fitar da k, na jera matakan kuzari, har na ƙara da cewa na biyu ninki huɗu ne na na farko, na uku ninki tara. Bakina yana gudu kamar mai tallan magani a kasuwar Gwandu. Da na iso wurin A sai na ce, “Idan aka tara, ana samun A² sau L/2 daidai da ɗaya,” na tsallake da sauri kamar mai ƙetare kwata.

“Don mi n ba ta fara daga sifiri?” in ji Dakta.

“Ranka ya daɗe, in n sifiri ce, sai ta mutu ko'ina. Bututu yana nan, ɓera babu.”

Farfesa ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce shekara talatin tana jami'a, yau ta fara fahimtar wani abu a Fiziks. Na ji daɗin yabon, wallahi na ji, kuma wannan jin daɗin ya fi komai ƙona ni yanzu.

Aka goge allo, Ashiru ya tashi. Hannunsa ba ya in'ina. Cikin minti uku ya cika allon, tsaf, har da layin da ni na tsallake: sin²θ = (1 − cos 2θ)/2, ɓangaren cos ya tashi sifiri daga 0 zuwa L, rabi ya rage, L/2. Ya rufe da ψ = √(2/L) sin(nπx/L). Duk wanda ya san aikin, kallo ɗaya zai yi ya san mai rijiya da ɗan ga-ruwa. Dakta Sambo ya kalli layin, na ga idonsa ya tsaya a kai, sannan ya kau da kai.

“Rubutu kowa na iya haddacewa,” ya ce. “Da baki muka son ji. Mi ya hana sifiri?”

Ashiru ya rufe ido. “In n s-s-s…”

“Muna jinka. Ba mu da sauri.” Dakta ya duba agogo.

“…sifiri ta, s-sai ta mutu. B-bututu shina nan, ɓ-ɓ-ɓera…”

“Babu,” Dakta ya ƙarasa masa, ya buɗe hannuwa ga Farfesa. “Hajiya, kin gani da idonki. Ko gabanmu ma kwafarshi shikai. Har ɓeran.”

Ma'aikacin rajista ya ƙunshe dariya yana rubutu. Fuskar Farfesa ta canza, irin ta uwar da ta kama yaro da hannu a tukunya. Ashiru ya nuna ni da alli, ya nuna lambar biyun da ke cikin √(2/L). Na san abin da yake son faɗa, shekara huɗu ina ƙarasa masa magana. Cewa yake a tambaye ni inda biyun nan ta fito. Da an tambaya, da kashina ya bushe a wurin.

“Ku t-t-t…”

“Mi yaka cewa?” Farfesa ta tambaye ni, ni da kowa ya sani tafintansa ne.

“Haƙuri yake bayarwa, ranki ya daɗe,” na ce.

Ashiru ya buɗe ido ya dube ni. Ya ajiye allin a hankali, ya share hannunsa a jikin wando.

Takardar kora ta fito ranar Alhamis. Ni an yi mini gargaɗi in riƙa rufe takardata a jarrabawa.

Na same shi a mararrabar Kalgo da azahar, da jakarsa da katifa a naɗe, yana jiran mashin zuwa Diggi. Ban san abin da ya kai ni ba, wataƙila so nake ya zage ni in samu sauƙi. Bai ba ni wannan ba. Ya yago takarda daga littafinsa, ya ɗora a gwiwa ya yi rubutu, ya miƙo mini, ya hau mashin ya rungume katifarsa. Layi uku ne. Sin² da cos² in an haɗa ɗaya ne a ko'ina, don haka jimlarsu a tsawon bututun L ce. Daga bango zuwa bango rabon daidai yake, kamar 'yan'uwa biyu da gonar gado, kowa ya ɗauki L/2. A ƙasa ya rubuta: “Wata rana za a tambaye ka.”

Na karanta a motar Gwandu, kafin mu yi nisa na gane. Abin bai fi minti biyu ba, su ne minti biyun da na tafi amsa waya.

Ranar da na je karɓar sa hannun kammalawa, Dakta Sambo yana ofis yana cin gyaɗa. Ya ja takardata, ya ɗaga biro, sai ya tsaya.

“Af, Lukuman. Biyun ga ta cikin √(2/L), ina tat fito?”

Na ba shi amsa tsaf, har da 'yan'uwa da gonar gado. Yana saurare yana murmushi, yana murza ɓawon gyaɗa. Sannan ya sa hannu ya turo mini takardar.

“Madalla,” ya ce. “Ashe ya samu ya koya maka kahin shi tahi.”