Shafi Ɗaya a Kan Ruɓewar Albasa

Shekara biyu Jelani Tamu, malamin gona a Jega, ya yi yana bin rumbunan albasa a Aliero da Jandutsi da Maiyama, yana auna abin da ke ruɓewa tsakanin cira da faɗuwar damina. Daga nan ya rubuta tsarin bincike mai shafi arba'in da biyu, ya aika wa wata gidauniya da ke tallafa wa binciken noma. A watan Janairu na 1987 amsa ta zo ta Sakkwato: ba sa karanta dogon tsari sai sun ga taƙaitawa a shafi ɗaya, mai nuna matsalar, da manufa, da hanyar aiki, da tsawon lokaci, da abin da za a samu, da jimillar kuɗi. Kwana tara suka rage wa'adin aikawa ya cika.

Ya zubar da tarihin noman albasa, da sunayen littattafan da ya karanta, da jadawali goma sha ɗaya. Ya bar lamba guda: kusan rabin abin da aka adana yana ruɓewa. Balaraba, mai buga tafireta a ofishinsu, ta buga sau huɗu, kullum layi shida na tsallakawa shafi na biyu. Ta matse gefen takarda har ba sauran wuri.

Layukan nan shida na Maiyama ne. Suna bayyana cewa ajiyar can ta bambanta, don haka tana buƙatar gwaji na dabam. Can ne kuma Almu yake, manomin da ya riƙa ware masa ruɓaɓɓiyar albasa kowane mako yana ƙirgawa, bai taɓa neman ko kwabo ba.

"In ka cire garin, ta shiga," in ji Balaraba.

Jelani ya ce a ransa zai mayar da shi idan aka nemi cikakken tsari. Ya ja layi a kai, ya gyara jimillar, ya rubuta wuri biyu maimakon uku.

Bayan wata huɗu gidauniyar ta nemi cikakken tsarin, da sharaɗin ya tsaya kan abin da shafin ya ce. Ya rubuta yana roƙon a ƙara Maiyama. Suka amsa da layi biyu cewa wuri biyu kwamiti ya amince da su.

Aka gina rumbunan gwaji masu shan iska a Aliero da Jandutsi. Sai da rani ya kai tsakiya Jelani ya iya hawa babur zuwa Maiyama. Tun daga bakin gona ya ji warin. Ya tarar da Almu yana kwashe albasa da ta zama ruwa, ya gaya masa yadda aka yi, bai ɓoye komai ba.

Almu ya daɗe yana goge hannu da ƙasa.

"Su suka cire mu, Malam, ko kai?"

"Ni ne."

Almu ya miƙe. Ya raka shi har gindin babur kamar yadda ya saba, ya ce ya gai da mutanen Jega. A hanya Jelani ya tsaya kusa da wata gada, ya kashe injin, ya zauna har aka kira la'asar a ƙauyen da ke gaba.