Ƙudan Zuma a Murfin Dambu

A gafarce ni, ban taɓa rubuta labari ba, wannan ma sai da na yaga shi sau uku.

Radiya ta fara sayar da dambun nama a gidansu da ke Kusfa, sai ta nemi Nafi'u, mai zana tambari a wani ɗan shago a Ƙofar Galadima. Ya ce ba ya aiki da bayanin baki. Ta rubuto masa sunan sana'a, masu saye, launin da take so, inda za a manna tambarin da girmansa, sannan abin da ya bambanta dambunta da na kowa.

Tambayar ƙarshen nan ce ta tsaya mata a rai, domin gwaggon Nafi'u, Hajiya Sailuba, shekara ashirin tana dambu.

"Malam Nafi'u, zane za ka yi ko girki?"

"Hajiya ƙarama, idan ban san abin ba, me zan zana? Saniya kamar ta kowa?"

Ta koma gida ta rubuta komai tsakani da Allah: Dambun Radiya, matan aure da ɗalibai, ruwan ƙasa da ja, sitika zagayayya daidai murfin roba, kuma ya fito ko a ƙaramin hoton waya. Da ta zo kan sirri, sai ta shirga ƙarya, wai zuma take sawa. Idan dambun Hajiya Sailuba ya fara zaƙi, ta kama ɓarawo.

Mako guda tana sayen dambun Hajiya a ɓoye, tana taunawa a hankali, ido a lumshe. Yaji ne da gishiri, kamar kullum.

Ran Asabar Nafi'u ya juyo mata kwamfuta. Ga sunanta da ja, ga ƙudan zuma ɓul-ɓul zaune a kan harafin farko.

"Shi ne abin da babu mai shi sai ke," in ji shi. "Na yi mai launi, na yi baƙi da fari. Gyara sau biyu ne, kamar yadda muka yi."

Radiya ta ƙura wa ƙudan ido. Duk wanda ya buɗe robar zai nemi zuma ya rasa.

"Gwaggonka ta gani?"

Ya girgiza kai. "Gwaggo ko sunan kayanta ba ta yarda na sa a leda ba, wai zan tona mata asiri."

Washegari ta dawo da sabuwar takarda, ga abin da ta rubuta. A cire ƙudan, babu zuma, laifina ne. Naman da hannu nake dakawa a turmi, ba inji. Maganar kimba kuwa, ainihin sirrin dambunta, har ta rubuta ta sake gogewa.

Ta tarar yana fama da wani mai katin biki. Ta cusa takardar a ƙarƙashin kwamfutar, ta gyara mayafi, ta sulale kafin ɗayansu ya ɗago kai.