Fatalwa Ba Ta Karkata Ɗinki

Kwalin rigunan ya dawo shagon da hantsi, a ɗaure yadda aka tura shi, sai dai da ƙarin saƙo a wayar Uwar Biyu. Mai Kanti, matar da ke sayen mafi yawan abin da Tela, mijin Uwar Biyu, yake ɗinkawa, ba ta ɓata baki ba. Cewa ta yi ta ga hoto ta yi oda, abin da ya iso hannunta kuma ɗan uwan hoton ne na nesa. Kafin ƙarshen mako su aiko mata riga ɗaya da ta yi daidai da hoton, in ba haka ba ta nemi wani telan. In Mai Kanti ta tafi, abin da zai rage wa shagon bai wuce gyaran zip da rage tsawon wando ba.

Tela ya saurari saƙon yana kan kekensa na ɗinki, wanda a 'yan watannin nan ya ja shi har bakin ƙofa, wai don ya sha iska. Ko kwalin bai kalla ba ya yanke hukunci cewa laifin Fatalwa ne.

Fatalwa shi ne sunan da ya laƙaba wa hotunan da matarsa ke fitarwa a kwamfuta. Manhaja ce da ake rubuta mata bayanin riga, ta zano ta tsaye a kan farin fili, kafaɗu a cike, ƙirji a tashe, kamar da mutum a ciki, amma ba kai, ba hannu, ba ƙafa, har ana hango cikin bayan wuyan rigar. Da wannan suke nuna wa Mai Kanti samfuri tun kafin a sa almakashi a yadi, ta zaɓi wanda take so. Rabon aikin kuwa a fili yake. Shi yana faɗin yadda rigar za ta kasance, ita tana juyawa zuwa Turanci tana rubutawa. In ciniki ya faɗa, baiwar hannunsa ce. In an samu matsala, to dama shi bai taɓa yarda da rigar da ba ta da mai ita ba.

Uwar Biyu ta sha wuya kafin ta iya zama da Fatalwa. Da farko "riga mai kyau" take rubutawa, sai a ba ta wata aba mai sheƙi kamar ledar shago, ko ina sumul, ba ka ce hannun mutum ya taɓa ta ba. A hankali ta gane manhajar ba ta san kyau ba, sai abin da aka faɗa mata. Dole ta ce yadin auduga ne ko lilin, mai nauyi ne ko shara-shara, yana sheƙi ko ba ya yi, saƙarsa a matse take ko ana ganin zare. Dole ta faɗi inda yadin zai lanƙwashe: a gwiwar hannu, a ƙarƙashin hammata, da yadda nauyinsa zai ja shi daga kafaɗa. Ta koyi neman haske daga gefe, don shi ke tono kaushin saƙa. Duk da haka Fatalwa takan ƙara maɓalli don raɗin kanta, ko ta fara layin ɗinki ta manta da shi a tsakiyar aljihu, sai an sake nema ana dubawa. Wannan duka Tela yana kiransa danne-danne.

Ta ce masa to madalla, tunda Fatalwa ce maƙaryaciya, a zo a yi mata shari'a. Ta kwance kwalin, ta zaro riga ɗaya ta shimfiɗa a teburin yanka, ta buɗe bayanin da shi da bakinsa ya faɗa mata. Lilin mai matsakaicin nauyi, ruwan ƙasa, ba sheƙi. Haka yake. 'Yar yamutsa a gwiwar hannu, irin wadda lilin ba ya rabuwa da ita. Haka yake. Ɗinkin sama layi biyu a bakin kwala, a jere, tazararsu ɗaya daga farko har ƙarshe, da zare launin yadin.

A nan ta tsaya. Layin farko ya kama hanya lafiya, na biyu kuma ya bi shi zuwa tsakiyar kwala, sai ya matso kamar zai yi masa raɗa, sannan ya yi fushi ya bar shi. A kafaɗar hagu ɗinkin ya tattare yadin. Zaren ma ya ɗan fi yadin duhu. Ta zaro ta biyu, ta uku, duk kanwar ja ce.

Gaskiya daɗi ta ji, ba kuma kaɗan ba. Shekara da shekaru ana mata gorin danne-danne, yau Allah ya kawo ranarta. Ta ɗaga kwalar ta ce masa ya taya ta duba wannan ɗinkin, ko hanyar ce ba ta da kyau direban ya riƙa kauce wa rami.

Tela ya karɓi rigar, ya bi kwalar da babban yatsansa, ya mayar mata. Ya ce ɗinki lafiya lau, tun kafin a haifi wanda ya ƙirƙiro kwamfuta yake ɗinka kwala, kuma babu ɗan adam da zai yi gasa da zanen da ba ya gumi. Ita ce ta bar manhajarta ta yi wa riga kwalliyar da ta wuce ƙima.

"Malam, abin da ka faɗa shi na rubuta," in ji ta. "Ban ƙara gishiri ba."

"To rage. Ki rubuta rigar yadda take, mu ga abin da za ta zano."

Ta san ya faɗa ne don ya rufe mata baki, ita kuwa ta ɗauka. Ta jawo kujera, ta ajiye rigar kusa da kwamfuta, ta shiga rubuta gaskiya tsirara. Ta nemi hoto na kusa, daga kafaɗa zuwa maɓalli na biyu, don daga nesa ɗinki ɓacewa yake yi. Ta rubuta cewa layi na biyu ba miƙaƙƙe ba ne, yana matsowa yana nisa. Ta rubuta cewa yadin ya tattare a ɗinkin kafaɗar hagu, zaren kuma ya fi yadin duhu.

Fatalwa ta ƙi. Ta saba da hotunan rigunan talla, sai ta miƙe layin, ta goge kafaɗar, ta miƙo riga tsaf. Uwar Biyu ta ce lallai yau ta ga ikon Allah, na'ura tana rufa wa mijinta asiri. Ta ɗauki hoton kwalar da wayarta ta haɗa da bayanin don manhajar ta yi koyi, ta ƙara jaddada karkatar, ta sa haske ya zo daga gefe sosai yadda kowace tattara za ta yi inuwa. Bayan an sha jan-in-ja, sai ga ta. Rigar ta fito tsaye ba kowa a cikinta, da kwalar Tela sak, layi yana yawonsa, kafaɗa a murtuke.

Ta jera hotuna biyu a fuskar kwamfutar, tsohon da Mai Kanti ta gani a hagu, an matso da shi daidai wurin kwala, sabon a dama. Ta kira shi da ladabin da bai kai zuci ba, ta ce ranka ya daɗe, a taimaka a nuna mana wanne ne aikin gwani.

Ya taso yana gyara tef ɗin awo a wuyansa. Ya sunkuya har numfashinsa yana taɓa gilashin, ya ja baya, ya sake sunkuyawa. Ta riga ta tanadi maganar da za ta faɗa, tana juya ta a baki. Ya ɗaga hannu ya shafa fuskar kwamfutar da babban yatsa, daidai kan kwalar, kamar yadda ya yi wa rigar ɗazu. Gilashi kuwa ba shi da abin da zai faɗa wa yatsa.

"Ai duk ɗaya ne," ya ce. "Hoto ɗaya kika sa sau biyu don ki raina min hankali."

Ta dubi keken da ke bakin ƙofa, inda hasken rana ya fi ƙarfi. Ta tuna yadda kullum yake miƙo mata allura ta zura masa zare, wai hannunsa da man keke. Ta tuna ya daina karanta saƙon waya da kansa, wai rubutun 'yan zamani ba shi da kan gado. Duk tana nan, a ɗaki ɗaya da shi, tana ƙirga maɓallan Fatalwa. Bayanin da yake faɗa mata ba ƙarya ba ne, rigar da yake gani a kansa ce, kuma ita ya yi zaton yana ɗinkawa. Kunya ta kama ta, da tsoro, ta rasa wanda ya fi.

Shirun nata ne ya tona asirin. Uwar Biyu ba ta cin nasara ta yi shiru. Ya daɗe a tsaye, hannunsa a kan teburin.

"Ba ɗaya ba ne ko?"

"Ba ɗaya ba ne, Malam."

"Wanne ne nawa?"

Ta nuna na dama, sai ta tuna ba lallai ya gani ba, ta faɗa da baki.

Ya ɗauki rigar ya koma bakin ƙofa, ya lalubo reza a aljihun keke ya fara warware kwalar, zare bayan zare. Wannan kam yatsunsa sun isa. Ta ce masa gobe da safe za su asibitin ido, kuma ba shawara take nema ba. Ya ce ya ji, amma likita ba zai ɗinka wa Mai Kanti kwala kafin ƙarshen mako ba.

Ta ɗauko zaren da ya yi daidai da yadin, ta gwada shi a rana ta tabbatar, ta zura a allura ba tare da ya ambaci man keke ba. Ya goge kwalar, ya daidaita ta a ƙarƙashin ƙafar keke, ya sauke. Sannan ya matsa gefen benci ya bar mata wuri.

"Zauna nan," ya ce. "Yadda kike faɗa wa Fatalwarki, haka za ki faɗa min. Kada ki rage komai."

Ta zauna kafaɗarta tana taɓa tasa, ta kafa ido a kan allurar. Ya taka keken a hankali, irin takun da bai yi ba tun yana ɗan koyo. Layin farko ya tafi. Ya juya kwalar ya kama na biyu.

"Daidai," ta ce. "Daidai. Ya fara matsowa, ja shi dama kaɗan."

Ya ja shi dama kaɗan.